Yadda za ka zaɓi gaisuwar Turanci daidai da lokaci, da sa'ar da *good afternoon* ke komawa *good evening*

Gaisuwar lokaci da mai jin Turanci ke yi idan ya haɗu da mutum guda uku ce: *good morning*, *good afternoon* da *good evening*. Akwai ta huɗu, *good night*, wadda ta yi kama da su a ƙira amma aikinta daban, domin ita ta ban kwana ce. Tsakanin ta farko da ta biyu akwai iyaka tsayayya, wato ƙarfe 12 na rana. Tsakanin ta biyu da ta uku kuwa ba wanda ya ja layi, kuma a nan ne mutane da yawa ke tsayawa suna duban agogo kafin su buɗe baki.

Amsar a taƙaice ita ce: a Birtaniya da Amurka, in ƙarfe 5 na yamma bai yi ba ka ce *good afternoon*, in 6 ta yi ka ce *good evening*. Sa'ar da ke tsakanin 5 da 6 kowacce ka faɗa ba ka yi kuskure ba, sai dai wata ta fi wata dacewa gwargwadon inda kake da abin da kake yi. A Nijeriya kuma mutane da yawa tun daga ƙarfe 4 suke komawa *good evening*. Ga yadda za ka bi abin daki-daki har ka daina shakka.

## Mataki na farko: isowa kake yi ko tafiya?

Kafin ka kalli agogo ma, wannan za ka fara tambayar kanka. Kuskuren da ya fi fitowa fili a bakin masu koyon Turanci ba na sa'a ba ne, na wannan ne. Mutum ya shiga otal ƙarfe 10 na dare, ya tarar da ma'aikacin karɓar baƙi, ya ce masa *good night*. A ransa "barka da dare" ya faɗa, kuma a Hausa hakan daidai ne, gaisuwa ce ta wanda ya iso. Amma abin da ma'aikacin ya ji shi ne "sai da safe". Zai ɗan tsaya yana kallonka, don mutumin da bai gama shigowa ba ya yi masa ban kwana.

Saboda haka riƙe wannan da kyau: muddin isowa kake yi, ko fara magana, ko ɗaga waya, komai nisan dare *good evening* za ka ce. Ƙarfe 8 *good evening*, ƙarfe 11 ma *good evening*. *Good night* sai in za a rabu da dare, ko wani zai tafi kwanciya. Uba yana faɗa wa 'ya'yansa in zai kashe musu fitila, abokan aiki suna faɗa wa juna in sun tashi daga aiki bayan duhu ya yi, baƙo yana faɗa wa mai gida a bakin ƙofa.

In tafiya za ka yi da rana, ba sai ka nemi gaisuwar lokaci ba. *Goodbye* ko *bye* ta wadatar. In kana so ka ƙara ladabi sai ka yi wa mutum fatan alheri game da lokacin da ke gabansa: da safe *have a good day*, bayan sha biyu *have a good afternoon*, in an kusa tashi daga aiki *have a good evening*. Lura da cewa wannan ta ƙarshe tana duban gaba ne, shi ya sa mai shago a Landan zai iya faɗa maka ita ƙarfe 4:30, ko da yake da ka shigo *good afternoon* ya ce maka. Bai yi tufka da warwara ba. Ta farko ta lokacin da kuke ciki ce, ta biyu ta lokacin da za ka shiga.

Akwai wurin da wannan ƙa'ida ba ta aiki, kuma yana da kyau ka sani don kada ka ruɗe. A ƙasashen Karibiyan masu Turanci, irin su Jamaika da Tirinidad da Barbados, mutum kan shigo gida da dare ya ce *good night* a matsayin gaisuwar isowa, daidai da yadda muke cewa barka da dare. In ka ji hakan daga bakinsu, al'adarsu ce, sai ka mayar masa yadda ya faɗa. Amma a jarrabawa, a wurin neman aiki, ko da Bature ɗan Ingila ko Ba'amurke, ka tsaya a kan *good evening*.

## Mataki na biyu: agogon wa za ka bi?

In kuna wuri ɗaya babu magana. In ta waya ce ko ta bidiyo kuma ƙasa daban, ladabi shi ne ka gaishe shi da lokacin da yake ciki, ba naka ba. Wannan yana buƙatar ka san tazarar awoyi, kuma tazarar ba kullum take zama ɗaya ba.

Nijeriya da Nijar ba sa taɓa agogonsu duk shekara. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Dubai tana gabanmu da awa 3, Indiya da awa 4 da rabi, Sin da awa 7, kuma duk waɗannan ba sa canzawa. Birtaniya ce da Amurka ke matsar da agogo. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Landan ɗaya yake da na Kano. Sauran watannin Landan tana bayanmu da awa ɗaya. New York kuwa tana bayanmu da awa 5 daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, sauran lokacin awa 6. Tun da ranakun canjin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne, a Maris da ƙarshen Oktoba an fi yin kuskure. Hanya mafi sauƙi ita ce ka saka garin mutumin a cikin agogon duniya na wayarka, ka leƙa kafin ka kira.

## Mataki na uku: kafin sha biyu ko bayanta?

Daga tashinka barci har zuwa ƙarfe 11:59, *good morning*. Da zarar 12 ta buga, *good afternoon*. Kalmar *noon* tsakar rana take nufi, don haka sunan ma da kansa ya faɗi inda yake farawa. Ba ruwan wannan iyaka da zafin rana, ba ruwanta da ko ka ci abincin rana ko ba ka ci ba.

A nan ma akwai ɗan bambanci da al'adarmu. Mu "ina kwana" takan ja har wajen azahar, musamman in ba ka ga mutumin ba tun safe. A Turanci in 12:30 ta yi ka ce *good morning*, wanda ka gaisar yakan leƙa agogo ya yi murmushi ya ce *afternoon*. Ba laifi ba ne babba, su ma suna yi. Za ka ji ɗan Ingila ya fara *good morning*, ya tsaya, ya ce *sorry, good afternoon*, kowa ya wuce. In ta faru da kai haka za ka yi, ka gyara a taƙaice ka shiga maganarka.

Abu guda da ke rikita mutane a rubuce shi ne *12 p.m.* da *12 a.m.* A yadda aka saba, *12 p.m.* sha biyun rana ce, *12 a.m.* sha biyun dare. In aka sa maka ganawa *12 p.m.*, da rana ake nufi, kuma *good afternoon* za ka buɗe da ita. In kai ne mai rubuta lokacin, rubuta *12 noon* ya fi, don ba mai ruɗewa da shi.

## Mataki na huɗu: daga ƙarfe 4 zuwa 6

Nan ne ainihin maganar. Ƙamusun masu koyon Turanci na Oxford da Cambridge duka suna bayyana *afternoon* a matsayin lokacin da ke tashi daga tsakar rana ya ƙare wajen ƙarfe 6. Ka lura da "wajen". Ba su ce daidai ba, domin masu harshen ma ba su haɗu a kan minti guda ba. Abubuwa uku ne ke jan mutum ya koma *good evening*: agogo, tashi daga aiki, da shigowar duhu. In ukun suka haɗu ba mai gardama. In suka saɓa, sai a duba wanda ya fi rinjaye.

Agogo shi ne mafi ƙarfi. Kafin ƙarfe 5, a Birtaniya da Amurka da Kanada, kusan kowa *good afternoon* yake cewa. Daga ƙarfe 6 kusan kowa ya koma *good evening*, shi ya sa mai karanta labaran talabijin na ƙarfe 6 a Birtaniya da ita yake buɗewa. Waɗannan biyun ka ɗauke su tamkar ƙa'ida.

Tashi daga aiki shi ke raba gardamar sa'ar tsakiya. A can aikin ofis da aka saba yana tashi daga 9 na safe zuwa 5 ko 5:30 na yamma, kuma a tunaninsu *evening* ita ce lokacin da mutum ya ajiye aiki ya koma ga iyalinsa, da cin abincin dare, da fita shaƙatawa. Don haka ka tambayi kanka, abin da ya haɗa ku na wunin aiki ne ko na bayan aiki? In ka kira wani ofis ƙarfe 5:15 kana bin maganar da aka faro tun rana, *good afternoon* ta fi zama daidai. In kuma ƙarfe 5:15 ɗin ka shiga gidan abinci don cin abincin dare, ko wurin walima, ko ajin dare, mai tarbarka *good evening* zai ce, kai ma ita za ka faɗa. Lokacin ɗaya ne, zaman ne ya bambanta. Daga 5:30 zuwa sama kuwa, ni shawarata ka karkata ga *good evening*, don an fi kusa da 6 kuma ba mai ganin ka yi gaggawa.

Duhu shi ne mafi rauni a cikin ukun, kuma shi ne ya fi yaudarar wanda ya tashi a ƙasarmu. A Kano faɗuwar rana duk shekara tana tsakanin wajen ƙarfe 6 da 7 saura 'yan mintoci. Kenan a wurinmu agogo da magariba kusan tare suke tafiya, mutum ya saba da cewa in ya ga duhu yamma ta ƙare. A Landan abin ba haka yake ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, wajen 3:50, a watan Yuni kuma sai wajen 9:20 na dare. Da duhu ake bi, da a Disamba za a fara *good evening* yara ba su daɗe da tasowa daga makaranta ba, a Yuni kuma a yi ta *good afternoon* har ƙarfe 9. Ba a yin ko ɗaya. Ƙarfe 4:15 a Disamba, fitilun titi a kunne, ma'aikacin banki *good afternoon* zai ce maka. Ƙarfe 7:30 a Yuni, rana tarwai, *good evening* ce. Inda duhu ke da tasiri shi ne a cikin sa'ar nan ta 5 zuwa 6: lokacin sanyi, da yake gari ya riga ya yi duhu, mutane sun fi saurin komawa *good evening* tun ƙarfe 5, lokacin zafi kuma sukan ja *good afternoon* har kusan 6.

Sai maganar ƙarfe 4 ta gida. A Nijeriya in ka shiga ofis ko shago ƙarfe 4:10 ka ce *good afternoon*, ba mamaki a amsa maka da *good evening*, wani ma ya nuna maka cewa ai huɗu ta wuce. Wannan ba jahilcin Turanci ba ne, yadda Turancin ƙasar ya zauna ke nan, kuma yana da dalili. Ma'aikatun gwamnati da yawa ƙarfe 4 suke tashi, sannan a harsunanmu yamma da wuri take farawa. Bahaushe in an idar da la'asar ya shiga "barka da yamma", ba ya jiran magariba. Don haka in kana Kano ko Abuja ko Legas, daga ƙarfe 4 ka faɗi *good evening* hankalinka kwance. Abin da nake so ka kiyaye shi ne kada ka ɗauki ƙarfe 4 ɗin nan ka tafi da ita ƙasar waje, ko cikin waya da wanda ke can. Ba zai ji haushi ba, amma zai ji wani iri, kamar yadda za ka ji in wani ya ce maka barka da dare alhali ana kiran sallar la'asar.

In duk da haka ka rasa wadda za ka zaɓa, akwai mafita biyu. Ta farko, ka bari ɗayan ya fara, ka mayar masa abin da ya faɗa. Ta biyu, ka ce *hello*. Ba ta da lokaci, kuma ba rashin ladabi ba ce ko a gaban shugaban kamfani, muddin ka haɗa da sunansa. Abin da ba a yi shi ne gyara wa mutum gaisuwarsa. In ya ce *good afternoon* ƙarfe 5:45, ka amsa da *good afternoon*, ko da kai ɗayar ce a bakinka.

## Mu gwada da ganawa guda

A ce kana Kano, kana sayar da zoɓo da riɗi zuwa waje, an sa maka ganawa ta bidiyo ranar wata Talata a watan Disamba, ƙarfe 5:15 na yamma agogon Nijeriya. Mutum uku za su shiga: mai saye a Landan, wakiliyar wani kamfani a New York, da dillalin jigilar kaya a Dubai.

Ka fara da lissafi. Disamba ce, don haka Landan tana bayanka da awa ɗaya, ƙarfe 4:15 ke nan. New York tana bayanka da awa 6, ƙarfe 11:15 na safe. Dubai tana gabanka da awa 3, ƙarfe 8:15 na dare. A wurinka kai, bisa al'adar gida, an fi awa ɗaya da shiga *good evening*, kuma ita ce za ta fara zuwa bakinka. Amma mutum ɗaya kawai ta dace da shi a cikin ukun.

Na Landan ne ya fara shigowa. Ta tagar bayansa kana hango duhu da fitilun motoci. Kada duhun ya ja ka, 5 ba ta yi ba a wurinsa kuma yana ofis, don haka: *Good afternoon, Mr Brown.* Ta New York ta shigo da kofin shayinta: *Good morning, Ms Carter.* Na Dubai ya shigo a ƙarshe, dare ya yi masa, amma isowa yake yi, don haka *good evening*, ba *good night* ba. Sunayen nan na misali ne kawai, ka sa na mutanenka. In kuma duka ukun ka tarar sun riga ka shiga, ba sai ka bi su ɗaya-ɗaya ba, *hello, everyone* ta game kowa.

An yi awa guda ana magana, za a tashi. Yanzu Kano 6:15, Landan 5:15, New York 12:15, Dubai 9:15. Na Landan zai rufe ofis, sai ka ce masa *have a good evening*. Ta New York ta tsallaka sha biyu tun kuna cikin magana, ita *have a good afternoon* ce tata. Na Dubai yanzu ne *good night* ta dace da shi, domin rabuwa ce kuma dare ne. In ba ka son dogon jeri, *thank you, everyone, goodbye* ta isa.

Yanzu mayar da wannan ganawar watan Yuli, ƙarfe 5:15 ɗin dai. Dubai ba ta canza ba, 8:15. Landan ta zama ɗaya da Kano, 5:15, wato ta faɗa cikin sa'ar da ba ta da tsayayyar ƙa'ida. Sai ka auna da abubuwan nan uku: agogo bai yanke ba, ganawar ta aiki ce, rana kuma tana sama sosai. Biyu sun karkata ga *good afternoon*, ita za ka faɗa. New York kuma ta koma tazarar awa 5, ƙarfe 12:15 na rana, don haka wadda ka ce wa *good morning* a Disamba yanzu *good afternoon* za ka ce mata. Wanda ya haddace gaisuwar Disamba ya maimaita ta a Yuli zai kuskure a nan.

## Bayan sha biyun dare

A agogo, da zarar 12 na dare ta wuce an shiga *morning*, shi ya sa ake cewa *one o'clock in the morning*. A gaisuwa kuwa ana duban ko mutanen sun kwanta sun tashi ne, ko har yanzu wunin jiya suke ci gaba da shi. Wanda ya iso wurin biki ƙarfe 12:30 na dare *good evening* ko *hello* zai ce. Ma'aikatan jirgin sama da masu gabatar da shirin rediyo na tsakar dare sukan bi agogo su ce *good morning*. Daga wajen ƙarfe 4 na asuba kuwa babu sauran tababa, *good morning* ce. Mai aikin dare a asibiti ko gadi, in zai miƙa aiki ƙarfe 7 na safe, *good morning* zai ce wa mai karɓarsa ko da shi barci zai tafi.

## Amsawa da abin da ke biyo baya

Amsar gaisuwar ita ce gaisuwar kanta. An ce maka *good morning*, ka ce *good morning*. Ba a amsawa da *fine* ko *thank you*, domin ba tambaya aka yi maka ba. *Fine, thank you* tana jiran *how are you?* ne.

Tsakanin abokan aiki da maƙwabta ana yar da *good* ɗin: *morning*, *afternoon*, *evening*, *night*. Wannan ya fi yawa a Birtaniya. A gaskiya ma cikakkiyar *good afternoon* da *good evening* suna da ɗan nauyi a kunnen masu harshen, an fi jin su a banki, otal, kotu, taro, da bakin mai jawabi. Abokai *hi* suke ce wa juna. *Good morning* ce kaɗai ke shiga ko'ina, daga ɗakin girki har fadar sarki. Kai mai koyo, da wanda ya girme ka ko ba ka sani ba, faɗi cikakkiya. Ba a taɓa zargin mutum don ya cika gaisuwa.

Wajen haɗawa da suna, *Mr*, *Mrs*, *Ms* da *Dr* da sunan dangi suke tafiya, wato sunan ƙarshe, ba sunan yanka ba. *Sir* kuwa haka nan ake faɗinta, ba a haɗa ta da suna. *Ma* da muke ce wa mata manya Turancin Nijeriya ce, a gida daidai take, amma a Amurka *ma'am* ake cewa, a Birtaniya *madam*, ita ma sai a wurare irin shago da otal.

Sai wata aba da nake ganin ta cancanci a tsaya a kanta. Mu gaisuwa ba ta cika sai an tambayi kwana da gajiya da iyali, kuma wannan hali ne mai kyau. Daga nan *how was your night?* ta samu gindin zama a Turancin Nijeriya, kowa ya san "ina kwana" ake nufi. Ɗan Birtaniya ko Ba'amurke kuwa zai ɗauka tambayarsa kake yadda ya raya darensa, ina ya je, me ya yi, abin da ba a tambayar wanda ba a saba da shi ba. Da su ka tsaya a *good morning, how are you?* In baƙo ya kwana a gidanka, a nan *did you sleep well?* ta dace.

*Good day* ma haka. A wasiƙu da saƙonnin Nijeriya ta zama ruwan dare, a Ostireliya kuma gajeriyarta *g'day* gaisuwar yau da kullum ce. A Birtaniya tsohon yayi ce, kuma in aka faɗe ta a ƙarshen magana takan ɗauki ma'anar "na gama da kai". In kana neman gaisuwar da ba ta da lokaci, *hello* ta fi ta aminci.

## A rubuce

Saƙon imel ba ka san sa'ar da za a buɗe shi ba. Ka rubuta *good morning* ƙarfe 9, mutumin ya karanta bayan isha'i. Ba laifi ba ne, an san lokacin da ka aika kake nufi, amma a takardar neman aiki, ko neman gurbin karatu, ko saƙon farko zuwa ga wanda ba ka sani ba, *Dear* da sunansa ta fi dacewa. Gaisuwar lokaci ka bar ta ga saƙon da kake sa ran za a gani nan take, kamar na WhatsApp ko imel tsakanin abokan aiki. Ga yadda ake tsara ta:

```
Good afternoon, Dr Ahmed,

Thank you for your message.
```

Harafin farko ne kawai babba, kalmomin biyu a rabe suke, ba a haɗe su wuri guda. Kuma ka sa buƙatarka a cikin saƙon nan na farko. Aika *good evening sir* kaɗai, ka zauna jiran amsa kafin ka faɗi abin da ya kawo ka, a wurinmu ladabi ne, amma ma'aikacin da ke can yakan bar saƙon ba amsa, yana jiran ya ga sauran maganar.

## Furuci

Wurare uku ne harshen Bahaushe ke zamewa. A *evening* gaɓa biyu ce, ba uku ba: "iiv" sannan "ning". Wasalin da ke tsakiya a rubuce ba a furta shi. Mu mukan ce "ibinin", mu mayar da harafin *v* ya zama "b", mu kuma cusa wasali. Don gyarawa, ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa, ka saki iska tare da murya, kada leɓɓan biyu su haɗu. A *afternoon* ma haƙoran sama a kan leɓen ƙasa za ka sa wajen *f*, sai dai ba murya, in ba haka ba za ta fito kamar "p" ko "h". Ƙarfin kalmar yana kan gaɓar ƙarshe, wadda ake ja: "afta-nuun". A *morning* kuwa ƙarfin yana kan gaɓar farko, Ba'amurke yana fito da *r* ɗin, yawancin mutanen Ingila ba sa fito da ita, kowanne ka bi daidai ne. *Good* ɗin kanta a taƙaice ake faɗinta, ba a ja, ba a kuma ƙara mata wasali a ƙarshe.

Ka ɗauki muryarka a waya kana faɗin ukun a jere, ka saurara, ka kwatanta da yadda mai karanta labarai na Turanci ke buɗe shirinsa. In ka ji "b" a cikin *evening*, koma gaban madubi ka duba leɓɓanka: in sun taɓa juna a tsakiyar kalmar, sake ɗora haƙoran ka maimaita a hankali har sautin ya fito ba tare da bakin ya rufe ba.